Daga Taron Awa Guda Zuwa Bidiyon Minti Shida

Duk wanda ya taɓa buɗe rikodin wani taron bita da aka yi ta intanet ya san yadda mintunan farko suke kasancewa. "Ana ji na kuwa?" "Malam, makirfonka a kashe yake." "Bari mu ɗan jira sauran su shigo." Daga nan sai gaishe-gaishe da godiya ga manyan baƙi, sannan a karanto tarihin mai jawabi tun daga firamare. Kafin shafin farko mai ma'ana ya bayyana a allo, minti goma sun tafi, kuma mutumin da ya zo kallo daga baya da datar da ya saya da kuɗinsa ya daɗe da kama gabansa.

Irin wannan taro, wanda ake kira webina, ya yi tashe ne a shekarar 2020, lokacin kullen korona. A watan Afrilun shekarar kamfanin Zoom ya ce masu shiga taruka ta manhajarsa sun kai miliyan 300 a kowace rana. Tun daga lokacin jami'o'i da ƙungiyoyin agaji da kamfanoni suka tara rikodin fal a kwamfutocinsu, kuma galibi abin da ake yi da shi bai wuce a ɗora a YouTube yadda yake ba. Ilimin yana ciki, sai dai an binne shi. Masu aikin tace bidiyo suna da hanyar tono shi, kuma hanyar ta fi ƙarfin yanke farko da ƙarshe. Sabon aiki ne ake yi, wanda tsohon rikodin da shafukan silaid ɗinsa suke zama kayan haɗi kawai.

Akwai binciken da ya nuna dalili. A shekarar 2014 Philip Guo da Juho Kim da Rob Rubin suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi kan kwasa-kwasai huɗu na dandalin edX, inda suka duba kallo har sau miliyan 6.9. Sun gano cewa komai tsawon bidiyo, matsakaicin lokacin da ɗalibi yake tsayawa a kansa bai wuce minti shida ba, kuma idan bidiyon ya haura minti tara, sau da yawa ko rabi ba a kaiwa. Wani abin da suka gano ya fi shafar batunmu kai tsaye: laccar aji da aka ɗauka tun da can, aka zo daga baya aka daddatsa ta gunduwa-gunduwa, ba ta riƙe ɗalibai kamar wadda aka tsara tun farko da niyyar bidiyo. Binciken yana da iyakarsa, domin tsawon kallo ya auna, bai auna abin da ya zauna a ƙwaƙwalwa ba. Amma wanda ya rufe bidiyo a minti na uku ba shi da damar koyon abin da ke minti na arba'in.

A ɗauki misali ɗaya a bi shi daki-daki. A ce wata ƙungiyar malaman gona ta shirya webina kan adana wake a buhun PICS, wato buhun nan mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Masanin ƙwari Larry Murdock na Jami'ar Purdue da abokan aikinsa ne suka fara gwada dabarar a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, kuma daga 2007 aka yaɗa ta a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu. A ce taron ya ɗauki minti 58, da shafuka 42, ga kuma tambayoyi a ƙarshe. Yanzu ana son bidiyon da manomi ko ɗan kasuwar hatsi zai kalla a waya.

Mai tacewa ba ya fara taɓa hoto. Abu na farko shi ne ya mayar da dukkan maganar rubutu, da alamar minti a gefe, ko da hannu ko da manhajar da ke rubuta magana, wadda a Hausa har yanzu sai an bi ta da gyara sosai. Jawabin kusan awa guda yakan ba da kalmomi wajen dubu bakwai. Abu na biyu, ya roƙi ainihin fayil ɗin PowerPoint daga hannun mai jawabin. Wannan roƙo ba ƙaramin abu ba ne. Shafin da ake gani a cikin rikodi an riga an matse shi domin ya bi ta intanet, rubutunsa ya yi dishi-dishi, ga ƙaramin hoton mai magana ya rufe wata kusurwa. Wanda ya ɗauki hoton allon ya saka a sabon bidiyo, to ya ɗebo lahanin gaba ɗaya. A ainihin fayil kuwa kowane rubutu da kowane zane yana zaman kansa, ana iya ƙara masa girma, a raba shi, a jefar da rabi.

Da rubutun a gabansa, sai ya tambayi kansa abin da yake so mai kallo ya iya yi bayan ya gama. Amsar dole ta shiga jimla ɗaya. A wannan misali: ya iya zuba busasshen wake a buhun ya ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba. Duk sakin layin da bai taimaki wannan jimla ba an soke shi, komai daɗinsa. Tarihin ƙungiya ya fita. Shafuka shida na tambarin masu ba da tallafi sun koma daƙiƙa uku a ƙarshe. Kwatancen farashin wake a ƙasashe biyar, wanda mai jawabi ya sha wahala wajen haɗawa, shi ma ya fita, ko da yake yana iya zama bidiyo na biyu. A nan ne akan yi ta ja-in-ja da masana, domin kowa yana ganin shafinsa ne zuciyar taron.

Abin mamaki, ɓangaren da yawancin masu gaggawa suke fara yankewa shi ne mafi daraja, wato tambayoyin ƙarshe da saƙonnin da mahalarta suka riƙa rubutawa a gefe. Nan ne ake ganin inda bayani ya kasa shiga. Idan mutum uku suka tambayi ko za a iya zuba maganin ƙwari a ciki don ƙarin tabbaci, to jawabin bai fayyace yadda buhun yake aiki ba. Amsar kuwa mai sauƙi ce: ƙwarin da ke cikin waken su ne suke shaƙe 'yar iskar da ta rage, idan ta yi ƙasa sai su daina ci da hayayyafa su mutu, don haka ba a bukatar magani. A tsohon taron wannan amsa tana can minti na 51. A sabon bidiyo wurinta minti na farko, domin a kanta sauran bayanin ya dogara. Manomin da ya gane cewa rashin iska ne maganin, ba sai an yi masa dogon wa'azi kan huda ko ɗauri ba.

Sai rubuta abin da murya za ta faɗa, kuma a nan lissafi yana da amfani. Mai karantawa ya ɗauki shafi ɗaya ya karanta da ƙarfi, da agogo a hannu, ya ƙirga kalmomin da yake yi a minti. A ce ya samu 140. Minti shida sun ba shi 840, idan aka cire wuraren da za a yi shiru don hoto ya yi aikinsa, abin da ya rage bai fi 750 ba. Wato cikin kowace kalma goma ta taron, kusan tara za su tafi. Wanda bai yi wannan lissafi ba yakan rubuta shafi biyar, ya zo ɗaukar murya ya ga ya yi minti goma sha huɗu, sai ya koma karatu da gudu kamar ana korarsa.

Ga yadda sauyin yake a kusa. A taron, mai jawabi ya ce wani abu kamar haka: "To, eh, kamar yadda kuke gani a nan, wannan shi ne abin da na yi magana a kai ɗazu, batun ɗauri, wanda yake da matuƙar muhimmanci, domin idan ba a yi shi daidai ba, to gaskiya akwai matsala." Kalmomi sun fi talatin, amma babu umarni ko ɗaya a ciki, domin a lokacin yana nuni da alamar linzami a kan hoto. A sabon rubutu sai ya zama: "Matse ledar ciki har iska ta fita. Murɗe bakinta, ka lanƙwasa, ka ɗaure. Sannan ka ɗaure ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje." Duk wani "a nan" da "ɗazu" da "shafi na gaba" dole ya fita, domin abin da suke nunawa ba ya nan kuma.

Taƙaitawa tana da haɗarinta, kuma shi ne mafi girma a duk aikin. Masani yakan yi magana da sharaɗi. Ya ce wake zai yi watanni lafiya idan ya bushe sosai kafin a zuba, idan kuma leda ba ta huje ba. Mai neman rage daƙiƙu sai ya bar rabin farko ya yar da "idan". Jimlar ta yi gajarta, ta yi daɗin ji, ta kuma zama ƙarya, domin danshin da aka kulle a leda yana lalata hatsi, ɓera kuma idan ya huda buhu zance ya ƙare. Shi ya sa ake mayar wa mai jawabin rubutun ya duba kafin a ɗauki murya. Gyaran jimla a takarda minti ɗaya ne, gyaranta bayan an gama haɗa hoto yini ne.

Tambayar da ke biyo baya ita ce ko za a yi amfani da tsohuwar muryar taron. Mafi yawan lokaci amsar a'a ce. Manhajojin taro suna matse sauti, suna kuma yi masa tankaɗe don kawar da hayaniya, abin da kan gutsure farkon kalma ko ƙarshenta, ga yankewar intanet. Idan aka jera tsohuwar murya da sabuwa, kunne yana jin wurin haɗin nan take ko da mutum ɗaya ne. Inda ake barin tsohuwa shi ne idan masanin ya faɗi wani abu da zafinsa, na daƙiƙa goma ko ashirin, wanda ba zai iya maimaitawa haka ba. Sai a nuna fuskarsa da sunansa a fili, mai kallo ya san cewa daga taron aka ɗauko. Waɗanda suka yi tanadi tun farko sukan kunna zaɓin Zoom da ke ajiye sautin kowane mahalarci a fayil dabam, yadda tarin wani ko kukan yaron wata ba zai hau kan maganar ba. Muryoyi da fuskokin sauran mahalarta kuwa ba a saka su sai da izininsu. Sun amince su shiga taro ne, ba su ce a yaɗa su a duniya ba.

Ɗaukar sabuwar murya ba ta bukatar situdiyo. Ɗaki mai katifa da labule ya fi ofis mai tayil, domin bango tsirara yana mayar da amo. A kashe fanka, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, a ajiye makirfo kimanin taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace shi don kada iskar "f" da "b" ta buge shi. Kafin a fara magana ana ɗaukar daƙiƙa goma na shirun ɗakin. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana amfani da wannan shiru ta gane hayaniyar da za ta cire: a zaɓi wurin, a shiga Noise Reduction, a danna Get Noise Profile, sannan a bi da dukkan sautin. Idan aka matsa mata da yawa sai murya ta koma kamar mai magana daga cikin randa, don haka kaɗan ake yi. Wata dabarar masu aikin rediyo ita ce, in mai karatu ya yi tuntuɓe, ya tafa hannu sau ɗaya ya maimaita jimlar. Tafin yana fitowa a zanen sauti a matsayin dogon tsini, sai mai tacewa ya tafi wurin kai tsaye.

Sai bayan murya ta kammala ake waiwayar hoto. Ana yin jadawali mai gida biyu, hagu jimlar da ake faɗa, dama abin da ido zai gani a daidai lokacin. Duk layin da gidansa na dama ya zauna babu komai, ko dai a nemo masa hoto ko a sake tunanin ko jimlar tana da amfani.

Richard Mayer, masanin halayyar koyo a Jami'ar California da ke Santa Barbara, ya shafe shekaru yana gwaje-gwaje kan wannan, ya tattara su a littafinsa Multimedia Learning na 2001. Biyu daga cikin abubuwan da ya nuna suna rushe yadda aka saba yin silaid. Na farko, idan ana nuna hoto ana bayani da baki, sannan aka rubuta wannan bayanin kalma da kalma a allo, fahimta raguwa take yi, domin ido ya rabu tsakanin karatu da kallon hoton. 'Yan kalmomi biyu ko uku kusa da abin da suke nunawa ba su da laifi, jimloli ne matsalar. Na biyu, hoto da maganar da ta shafe shi su zo lokaci guda, kada ɗaya ya riga ɗaya da nisa. Shafin taro mai ɗigo shida yana karya duka biyun, domin mai kallo ya karance na shida tun mai magana yana kan na ɗaya.

Don haka shafin da ke ɗauke da matakai shida na cika buhu ba ya shiga bidiyo a matsayin shafi. Yana zama ɗauka shida na hannuwan mutum: yana hura leda yana duba ko akwai huda, yana saka ɗaya cikin ɗaya, yana zuba wake, yana girgiza buhu ya zauna, yana matse iska, yana ɗauri. Waya ta isa wannan aiki, in an kafa ta a wuri ɗaya a inuwa mai haske, kuma kowace ɗauka daƙiƙa biyar zuwa takwas ce. Abin da kyamara ba ta iya gani, wato raguwar iska a cikin leda, shi ake bai wa zane: buhu a yanke, ɗigo-ɗigon iska suna raguwa, ƙwari suna daina motsi. PowerPoint kanta tana iya wannan da Morph, wanda ke cikin sigar 2019 zuwa sama. Jadawalin alƙaluma mai layi goma kuwa ya koma sanduna biyu, buhun gargajiya da buhun leda, da lamba ɗaya a kan kowanne. Hotunan ado na intanet, irin na mutane cikin kwat suna musabaha, ba su da gurbi. Ba sa koyar da komai, wasunsu kuma suna da masu haƙƙi, kuma hoton da aka ɗan nuna wa mutum arba'in a taro hukuncinsa dabam ne da wanda aka saki ga kowa.

Girman rubutu ana gwada shi a waya, ba a kwamfuta ba. Abin da ba a iya karantawa da waya a tsawon hannu, a ƙara masa girma ko a cire shi. Tsofaffin silaid masu fasalin 4:3 sai an sake jera su a 16:9, in ba haka ba baƙin fili zai zauna hagu da dama. Ga masu aiki da Hausa akwai ƙarin tarko: ba kowane salon haruffa ne yake da ɓ da ɗ da ƙ ba. Manhaja takan aro harafin daga wani salon, sai a ga ƙ ɗaya ta yi siriri a tsakiyar kalma mai kauri, ko ta fito a matsayin akwati. Noto Sans da Andika suna da su duka. Rubutun ƙasan allo, don kurame da masu kallo ba sauti, gara a yi shi a fayil dabam irin na SRT, a ajiye da tsarin UTF-8, domin mai kallo ya kunna ko ya kashe.

Wurin haɗawa zaɓi biyu ne. Ana iya jera komai a manhajar tacewa irin su DaVinci Resolve ko Shotcut ko CapCut, murya a ƙasa, hotuna a sama, kowane hoto ya shigo daidai kan kalmarsa ko ƙiftawar ido kafin ta. Ko kuma a tsaya cikin PowerPoint, a ɗauki murya shafi-shafi, a fitar ta File > Export > Create a Video. Wannan ta fi sauƙi, amma tana da wani hali da ke kama baƙi: ba ta ɗaukar murya yayin da ake juyawa daga shafi zuwa shafi. Wanda ya ci gaba da magana a lokacin zai tarar an cinye masa kalma. Dole ya rufe jimla, ya juya, ya ɗan numfasa, sannan ya ɗora.

Nauyin fayil shi ma lissafi ne. YouTube tana ba da shawarar megabit takwas a daƙiƙa ga bidiyon 1080p, wanda a minti shida ya kama megabait 360. Ga ɗorawa a YouTube babu laifi, tunda su za su sake matsewa. Ga turawa ta WhatsApp zuwa ƙauye kuwa ya yi nauyi. Bidiyon da yawancinsa zane ne da ɗauka marasa yawan motsi yana jure matsi sosai, kuma a megabit ɗaya minti shidan bai wuce megabait 45 ba. Masu amfani da FFmpeg suna yin ƙaramin kwafi da layi ɗaya:

```
ffmpeg -i babba.mp4 -vf scale=-2:720 -crf 26 karami.mp4
```

Lambar 26 ita ke daidaita tsakanin kyau da nauyi. In aka ɗaga ta fayil ya ragu, hoto ya fara lalacewa, kuma ƙananan rubutu ne suke fara nuna alama, don haka su ake dubawa.

Kafin a saki bidiyon, ana ba mutum biyu ko uku da ba su halarci taron ba su kalla, sannan a miƙa musu buhu da igiya. In suka haɗa ledoji biyun suka ɗaure wuri guda, to ɗaukar da ta nuna ɗauri ta yi sauri ko an ɗauke ta daga nesa, sai a sake ta. Bayan an saki, YouTube Studio tana nuna zanen yadda masu kallo suke raguwa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Gangara mai tsanani a rabin mintin farko tana nufin gabatarwa ta yi tsawo. Tudu a tsakiya kuwa wuri ne da mutane suke komawa baya su sake kallo, ko don ya burge su ko don ba su gane ba, kuma sai an buɗe wurin an duba kafin a san wanne ne. Cikakken rikodin awa gudan ba a jefar da shi, ana saka adireshinsa a ƙarƙashin sabon bidiyon saboda malaman gona da ɗaliban da suke son jadawalin farashin da sauran tambayoyin.